Saƙo 400 a WhatsApp, oda 18: yadda ake gane ainihin abin da talla take ci maka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina Garwa, ina zana katin gayyatar biki da fosta da tambarin shago, a yi oda ta WhatsApp in tura aikin ta nan. Aiki ɗaya yakan kama sefa 8,000. A watan jiya na kashe 60,000 a tallar Facebook guda biyu. Ya nuna min an latsa sau 1,200, mutum 400 sun yi magana, kowane a kan sefa 150. Amma waɗanda suka biya 18 ne kawai. Shin 150 ɗin nan shi ne kuɗin samun mai son saye? Yaya zan lissafa daga latsawa zuwa oda? Kuma in ƙara kuɗin tallar ko in dakata?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, 150 ɗin nan kuɗin sallama ne, ba kuɗin mai son saye ba. Kuma kada ka ƙara ko dala a tallar sai ka yi wata guda kana rubuta abin da zan nuna maka.

Ka ɗauki kanka a matsayin mai rumfa a babbar kasuwar Garwa. Akwai wanda zai rage tafiya ya leƙo, akwai wanda zai yi sallama ya ce nawa ne wannan, akwai wanda zai zauna a benci ya taya, sannan akwai wanda zai zaro kuɗi ya ba da kafin alƙalami. Babu ɗan kasuwar da ke haɗa waɗannan mutane huɗu a buhu ɗaya. Wanda ya latsa talla shi ne mai leƙe. Wanda ya turo saƙo shi ne mai sallama. Facebook iyakar ganinsa ke nan, domin cinikinka a cikin hira yake faɗawa, kuɗin kuma ta Orange Money ko MTN MoMo suke shigowa, inda idonsa ba ya kaiwa. Mai taya da mai biya kai kaɗai za ka iya ƙirga su.

Har ma 400 ɗin ba lalle sababbin mutane 400 ba ne. Abin da Ads Manager, shafin da Facebook yake nuna maka lissafin talla, yake kira Messaging conversations started yana ƙirga duk hirar da aka fara bayan aƙalla kwana bakwai ba a yi magana ba. Hajiyar da ka yi wa katin sunan jikanta wata biyu baya, idan ta ga tallarka ta latsa ta gaishe ka, ta shiga cikin 400. Yaron da ya karɓi wayar babansa ya taɓa hoto, saƙon da aka riga aka rubuta ya tafi, shi ma ya shiga. Ka buɗe hirarrakin watan jiya ka gangara, za ka ga da yawa layi ɗaya ne tak, wanda kai da kanka ka rubuta a cikin tallar, ka amsa, shiru har yau.

Saboda haka abu na farko shi ne ka yanke wa kanka wane ne mai taya, ka rubuta, ka daina canzawa. A aikinka ni zan ce mai taya shi ne wanda ya ji farashi, bai gudu ba, kuma ya ba ka wani abu daga wajensa: ranar bikin, ko sunayen ango da amarya, ko sunan shagon, ko hoton irin zanen da yake so. Wanda ya ce "nawa ne" ka faɗa masa ya ce "to zan neme ka" bai taya ba. Na san zuciya tana so ta saka shi, musamman idan ya yi magana mai daɗi. Kada ka saka. Amfanin ma'aunin shi ne ya kasance ɗaya a wannan wata da wata mai zuwa. Idan yau ka tsaurara gobe ka sassauta, lambobin za su riƙa hawa da sauka bisa yanayin ranka, ba bisa ingancin tallar ba.

Oda tabbatacciya kuwa ba ta da wuyar yankewa: kafin alƙalami ya shigo asusunka, kai ka gani da idonka. "Insha Allah da yamma zan tura" ba oda ba ce. Hoton allon waya da aka turo maka wai an biya, shi ma ba oda ba ne, sai ka duba asusunka ka ga kuɗin sun hau. Mutanen kirki ma sukan yi kuskuren lamba, balle masu gyara hoto.

Sai kuɗin. Wanda ka gani a ƙarƙashin Montant dépensé, wato kuɗin da aka kashe, ba shi ne duk abin da ya fita daga aljihunka ba. Buɗe rasit ɗin tallar ka duba ko an ɗora harajin TVA, wanda a Kamaru kashi 19.25 ne cikin ɗari. A kan 60,000 hakan 11,550 ne. Sannan ka duba takardar bankin ko katin da ka biya da shi, domin akwai kuɗin canji da kuɗin loda kati. Idan asusun tallarka da yuro yake lissafin yana da sauƙi, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne kullum. Idan da dalar Amurka yake, farashin ranar da aka cire kuɗin shi ne naka, ba na ranar da kake lissafi ba. Idan kuma wani ka ba kuɗi ya saka maka tallar da katinsa, abin da ka miƙa masa duka shi ne kuɗin talla. Bari mu ɗauka duka-duka 72,000 suka fita, mu yi aiki da wannan.

Ga lissafin guda uku da kake buƙata:

```
kuɗin mai taya = duk kuɗin talla ÷ yawan masu taya
latsawa zuwa oda = (oda ÷ latsawa) × 100
kuɗin oda = duk kuɗin talla ÷ yawan oda
```

A wajen latsawa ka yi hattara da layin da kake karantawa. Akwai Clics (tous), wanda ya haɗa da mai buɗe hoto, da mai danna "ƙara karantawa", da mai leƙa shafinka. Wanda kake so shi ne Clics sur un lien, wato waɗanda suka danna maɓallin da ke kai su WhatsApp. Zan ɗauka 1,200 ɗinka wannan ne. Ko shi ma latsawa yake ƙirgawa, ba kawuna ba, mutum ɗaya yana iya dannawa sau uku idan sabis yana wahala.

Da lambobinka yadda ka kawo su, 18 cikin 1,200 kashi 1.5 ne cikin ɗari, kuma kowace oda ta ci maka 4,000. Rabin kuɗin aiki ke nan. To amma tambayar da nake so ka yi wa kanka ita ce, 18 ɗin nan duka talla ce ta kawo su? Mai sana'a irin taka a gari irin Garwa yana da tsofaffin abokan ciniki, yana da wanda aka ba shi lamba a wajen biki, yana da mai kallon abin da kake ɗorawa a matsayinka na WhatsApp. Idan biyar daga cikin 18 ta irin waɗannan hanyoyi suka zo, talla 13 ta kawo. Sai lissafin ya koma kusan kashi 1.1 cikin ɗari, kuɗin oda kuma ya haura 5,500. Ka ga tazarar da ke tsakanin 150 da ka gani a allo da 5,500 da aljihunka ya ji.

Nan ne aikin yake, wato gane ta wace ƙofa kowa ya shigo. Idan tallar mai kai mutum WhatsApp kai tsaye ce, saƙon farko yakan zo da ɗan hoton tallar a samansa, sai ka duba tun kafin ka amsa. Amma kada ka dogara da shi kaɗai. Ka ba kowace talla nata saƙon farko daban. Ta farko ta ce "Salam, ina son katin biki, A", ta biyu ta ce "Salam, na ga farashi, ina son kati, B". A wuraren da ba talla ba, kamar bayanin shafinka ko fostar da ka manna a shago, ka yi amfani da mahaɗi mai ɗauke da nasa rubutun:

```
https://wa.me/237XXXXXXXXX?text=Salam%20kati%20S1
```

Wasu za su goge rubutun su rubuta nasu. Waɗannan ka tambaye su da baki, amma ba a farkon hira ba, kada su ji kamar ana musu tambayar ofis. Bari sai kun yi nisa, ka ce "af, a ina kika ga aikinmu?" Wanda bai tuna ba ka rubuta "ban sani ba". Kada ka jingina shi ga tallar da ka fi so.

Littafin kansa ba wani abu mai wuya ba ne. Littafin makaranta mai layi ya isa, ko Google Sheets a waya. Duk wanda ya taya ka ba shi layi ɗaya: ranar da ya fara magana, lambarsa, ƙofar da ya shigo, garinsu, abin da yake so, ko ya biya, ranar biya, da nawa. Masu sallama su wuce ba sai ka rubuta su ɗaya-ɗaya ba, Ads Manager ya riga ya ƙirga maka su. A cikin WhatsApp Business kuma ka yi alamomi masu launi guda uku, "ya taya", "ana jiran kuɗi", "ya biya", ka riƙa manna wa kowace hira a lokacin, sai da dare ka kwashe zuwa littafi. Minti goma ne bayan isha'i. Idan ka bar shi ya taru na mako, ba za ka tuna komai ba, sai ka koma cike gurbi da zato. A Google Sheets, idan ƙofa tana layin C, biya kuma a layin F inda kake rubuta "eh" ga wanda ya biya, wannan zai ƙirga maka odar talla B:

```
=COUNTIFS(C:C,"B",F:F,"eh")
```

A Excel na Faransanci sunansa NB.SI.ENS, kuma da alamar ; ake raba sassan maimakon waƙafi.

Abu biyu suna ɓata irin wannan littafi a yankinmu, kuma na ga sun rikita mutanen da suka iya lissafi sosai. Na farko, mai magana daban, mai biya daban. Amarya ce ta ga tallar ta yi maka magana da layinta na Orange, kun daidaita, sai washegari yayanta ya turo kuɗin da MTN, ko a je wajen mai kiyos a bakin titi ya tura da lambarsa. Sai ka ga 4,000 sun shigo daga lambar da ba ka sani ba. Idan ba ka haɗa su ba, amarya za ta zauna a littafinka a matsayin wadda ta taya ta gudu, kuɗin kuma su zama odar da ba ta da uwa. Maganinsa, duk wanda kuka daidaita ka ba shi lambar oda gajeriya, kamar B-07, ka ce da zarar an tura a rubuto maka wannan lamba tare da sunan wanda ya tura. Haka nan mutum ɗaya mai layi biyu da ya yi maka magana ta kowanne, mutum ɗaya ne, ka haɗe shi.

Na biyu shi ne lokaci. Wanda ya latsa ranar 27 ga wata ya biya ranar 4 ga wata mai bi, odarsa ta tallar watan farko ce, domin kuɗin wancan wata ne ya kawo shi. Ma'aikata da yawa sai an yi albashi, mai biki kuma yakan jira sai dangi sun tsayar da rana. Idan ka raba odar da ta shigo a wannan wata da latsawar wannan wata, kana auna hatsin gona ɗaya da irin da aka shuka a wata gonar. Ka bi ranar da mutum ya fara magana. Sannan ka ba kowane mako kwana 14 kafin ka rufe lissafinsa. Bayan wata biyu littafinka da kansa zai gaya maka ko 14 ya yi yawa ko ya yi kaɗan, idan ka duba tazarar da ke tsakanin ranar magana da ranar biya.

Yanzu mu raba tallarka biyu. Ba ka ba ni lambobin kowace daban ba, saboda haka zan kafa misali da zai dace da jimillarka, kai kuma ka maye gurbinsu da na gaskiya. Mu ce kowace ta ci 36,000 har da haraji. Talla A bidiyo ce mai ƙyalli, ba farashi a jiki, ka buɗe ta ga duk Kamaru. Talla B hoton kati uku ne, an rubuta "daga 8,000, rabi kafin a fara", ka taƙaita ta ga Garwa da Marwa da Ngaundere.

A ta samu latsawa 900, saƙo 320, masu taya 40, oda 5. B ta samu latsawa 300, saƙo 80, masu taya 32, oda 8.

Idan ka buɗe Ads Manager ka duba Coût par résultat, wato kuɗin kowane saƙo, wanda yake lissafawa da 30,000 ɗin da bai haɗa haraji ba, A za ta nuna kusan sefa 94, B kuma 375. Duk wanda ya ga wannan zai ce B ta ninka A tsada har sau huɗu, a kashe ta. Ni kaina na taɓa yin haka shekarun baya da tallar wata mai ɗinki da nake kula wa, na rufe mai tsada na juye kuɗin a mai araha. Wayarta ta yi ta ƙara dare da rana, ita da ƙanwarta suna amsawa har hannu ya gaji, ɗinki kuwa ya ja baya. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗinta ne ba nawa ba. Tun daga ranar ban ƙara rufe wata talla ba sai na ga littafin mai shago.

Sauko kan masu taya. A cikin A kowane ya tsaya 900, a cikin B 1,125. Tazarar ta matse sosai, amma har yanzu A ce a gaba. Wannan shi ya sa nake cewa kuɗin mai taya, duk da ya fi 150 ɗinka gaskiya nesa ba kusa ba, bai isa a yanke hukunci da shi kaɗai ba. Sai ka kai ga oda sannan zance yake juyawa. Odar A ta tsaya 7,200, ta B 4,500. Daga latsawa zuwa oda, A ba ta kai kashi 0.6 cikin ɗari ba, B ta kusa 2.7. Dalilin a fili yake. Wanda ya ga farashi da sharaɗin rabin kuɗi kuma ya latsa, ya riga ya yi rabin shawara. Wanda bidiyo ta burge shi kawai, kallo ya zo. Kuma idan ka ce wa Facebook saƙo kake so, zai nemo maka mutanen da suka fi saurin tura saƙo, ba ruwansa da ko suna da biki a gabansu.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a kowane rasit. Saƙo 320, ko minti uku-uku ka ba kowanne, awa 16 ke nan. Kwana biyu cur na aiki da za ka yi zane a cikinsu. Na B awa huɗu ne. Taron tsintsiya ba shara, kai ne kuma mai tarbarsu.

Sai dai in ja maka kunne a kan abu ɗaya, domin bayan mutum ya fara lissafi yakan yarda da lamba fiye da kima. Biyar da takwas ƙananan lambobi ne. Da amare biyu daga cikin na B sun ɗaga bikinsu, wani mai shago guda daga A kuma ya biya, da an tashi shida da shida. A ƙirga irin wannan, kaɗawar da sa'a kaɗai take kawowa takan kai kusan tushen lambar, wato adadin da idan aka ninka shi da kansa yake ba da lambar: a kan oda 9 kamar uku sama ko ƙasa, a kan 25 kamar biyar, a kan 100 kamar goma. Ka ga a kan 9 kaɗawar sulusi ce, a kan 100 ushiri. Don haka a wata ɗaya abin da za ka iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne masu latsa B sun fi masu latsa A niyya, tunda 8 cikin 300 da 5 cikin 900 tazara ce babba. Cewa odar B 4,500 ce daidai, wannan sai kowace talla ta tara oda 25 ko 30 sannan ka fara dogara da shi. Kafin nan, masu taya su ne fitilarka, domin sun fi yawa kuma sun fi saurin taruwa. Amfaninsu ke nan: suna ba ka labari da wuri, oda kuma tana tabbatar ko ƙaryata labarin daga baya.

To 4,500 ɗin ma, riba ce ko asara? Wannan ba daga talla ake gano shi ba, daga aikinka ne. Cire abin da aiki ɗaya yake ci: data, wuta ko man janareto, kuɗin cire kuɗi daga asusun waya, abin da kake ba yaron da ke taya ka. Mu ce 2,000. Saura 6,000. Sai ka faɗi gaskiya nawa ne ladan zamanka a kan kati ɗaya, har da gyare-gyaren "a canza launin", "a ƙara sunan gwaggo". Mu ce 3,500. Abin da ya rage, 2,500, shi ne iyakar abin da za ka iya biya don samun oda ɗaya. Da wannan ma'auni A tana cin har uwar kuɗi, tunda 7,200 ya wuce 6,000, wato kana yi wa mutane aiki kana ciko daga aljihunka. B ba ta kai nan ba, amma ta bar maka 1,500 kacal a matsayin lada.

Daga iyakar nan kake komawa baya ka san farashin da ya kamata kowane mataki ya tsaya. A B, mutum ɗaya cikin masu taya huɗu yake biya, saboda haka mai taya bai kamata ya wuce rubu'in 2,500 ba, wato 625. Yanzu yana 1,125. Latsawa ɗaya a B tana cin 120, don haka kana buƙatar kusan oda biyar a kowace latsawa ɗari kafin lissafi ya tsaya da ƙafarsa, yanzu kuwa ba ka kai uku ba. Wannan shi ne dalilin da na ce kada ka ƙara kuɗi. Ƙarin kuɗi a wannan hali ƙarin ɗiban ruwa ne da kwando, ga shi kuma idan aka faɗaɗa talla a gari guda mutanen da suka fi niyya su ake fara samu, na baya sukan fi tsada.

Abin da zai iya ceton B shi ne komowar abokin ciniki. Wanda ka yi wa katin ɗaurin aure yana iya dawowa na suna, mai shago yana iya dawowa fostar Sallah. Idan littafinka ya nuna haka, iyakar 2,500 za ta ɗaga. Amma ka rubuta oda ta biyu a wani layi daban, kada ka cusa ta cikin lissafin latsawa zuwa oda, kuma kada ka ci bashin wannan riba tun ba ka gan ta a rubuce ba.

Inda ruwan yake zuba kuwa, matakan da kansu za su nuna maka. A B, mutum 300 sun latsa, 80 suka turo saƙo. Wani ɓangare na wannan ba hannunka a ciki: WhatsApp ya buɗe, mutum ya ga sai ya danna aikawa da lambarsa, ya fasa, ko sabis ya yanke masa. Daga 80 zuwa 32 zancen farashi ne da dacewar aiki. Wanda ya fi ba ni zafi shi ne daga 32 zuwa 8. Mutum 24 sun ji farashi, sun ba ka ranar bikinsu, suka tafi ba su biya ba, kuma kowannensu ka saye shi a 1,125. Ka zauna ka karanta hirarrakin nan 24 ɗaya bayan ɗaya, ka duba saƙon ƙarshe na waye kuma ƙarfe nawa. Idan mutum ya rubuto ƙarfe tara na dare ka amsa bayan azahar, mai yiwuwa ya riga ya samu wani. Idan hirar tana mutuwa daidai inda ka ambaci kafin alƙalami, matsalar amana ce, bai san ka ba yana tsoron tura kuɗi, sai ka tura masa aikin da ka yi wa wasu da wurin da shagonka yake kafin ka yi zancen biya. Idan ya rubuto da Fulatanci ko Faransanci ka amsa da Hausa, shi ma rubuta shi. Ka duba farkon lambobin kuma. Mai +235 daga Njamena da Airtel Money ko Moov Money yake mu'amala, mai +234 daga Yola ko Mubi da naira yake. Wataƙila yana so ƙwarai, hanyar biya ce ta gagare shi. Duk wanda ya zana da'irar talla a kan Kusiri ya san Njamena tana ƙetaren kogi kawai, sai ka yanke shawara ko ka tanadi hanyar karɓar kuɗinsu, ko ka cire su daga tallar.

Idan cikin 24 ɗin nan ka iya juyo da shida kacal, ba tare da ka ƙara ko sefa ɗaya a talla ba, odar B ta zama 14, kuɗin kowace ya sauko kusan 2,570, dab da iyakarka.

Don haka a wata mai zuwa ka dakatar da A, ko ka rubuta mata farashi ka taƙaita garuruwanta sannan ka ba ta sabon harafi, domin tallar da aka gyara sabuwar talla ce a littafi. B ka bar ta da kuɗinta yadda take, kada ka taɓa hoto ko rubutu, ka gyara saurin amsa da yadda kake gabatar da zancen kafin alƙalami. Ka rubuta a gefen shafi idan watan ya faɗa cikin azumi ko bayan Sallah, tunda bukukuwa ba daidai suke a kowane lokaci ba, kada ka yaba wa talla abin da kaka ce ta kawo. Idan kwana 14 sun cika bayan ƙarshen watan, ka turo min latsawa, saƙo, masu taya da oda na kowane harafi, tare da abin da banki ya cire, mu duba tare.